Jihohi 12 ne suka riga, ko ayyana Biyafara? Amsa ga ɗalibin da aka soke wa amsarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji shida na sakandare a nan Jos. A jarrabawar gwaji ta tarihi an tambaye mu dalilan da suka sa aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, maki 15. Na kawo hujjoji biyar. Na ce Ojukwu ya ayyana Biyafara, shi ya sa Gowon ya yanka jihohi don ya hukunta shi. Don ya ƙwato man fetur daga hannun Biyafara. Don ƙananan ƙabilu su fice daga Biyafara. Saboda tsirarun ƙabilu sun daɗe suna neman jihohinsu. Kuma saboda Arewa ta yi girma da yawa. Malaminmu ya soke ukun farko, ya rubuta da jan biro cewa na juya sanadi da sakamako, ya ba ni 6. Alhali shi da bakinsa ya ce mana an yi jihohin ne don a karya ɓallewar Gabas. To ina laifina?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Malaminka bai zalunce ka ba, kuma bai yi tufka da warwara ba. Abin da ya faɗa a aji daidai ne, abin da ya soke a takardarka ma daidai ne ya soke. Tsakanin maganarsa da taka akwai kwana uku, kuma a cikin waɗannan kwanaki ukun makinka tara ya zube.

Ga yadda ranakun suka jeru. Ranar 26 ga Mayu, 1967, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, gwamnan soja na Yankin Gabas, ya tara majalisar tuntuɓa ta yankin tare da sarakuna da dattawa a Inugu. Washegari Asabar, 27 ga wata, taron ya ba shi izinin ya ayyana yankin a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta da sunan Biyafara, da zarar ya ga lokaci ya yi. A wannan ranar dai Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya yi jawabi ta rediyo daga Legas, ya kafa dokar ta-ɓaci a ƙasa baki ɗaya, ya kuma rushe yankuna huɗun da ake da su ya mayar da su jihohi 12, ƙarƙashin dokar soja mai lamba 14. Sai ranar Talata, 30 ga Mayu, Ojukwu ya ayyana Biyafara. Harbi kuwa bai fara ba sai 6 ga Yuli, a Gakem da ke wajen Ogoja.

Ka ga ke nan ranar da aka yanka jihohin babu wata ƙasa da aka ayyana mai suna Biyafara. Abin da ya faru ranar Talata ba zai zama dalilin abin da aka yi ranar Asabar ɗin da ta gabace ta ba. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko, kuma kusan ita kaɗai ce ƙa'idar da babu jayayya a kanta a wannan fanni namu mai yawan jayayya. Malaman tarihi suna iya shekaru suna musu a kan wane dalili ne ya fi wani nauyi, amma babu mai cewa abin da ya zo daga baya shi ya haifi wanda ya riga shi.

Na san abin da ke cin ranka, wato maganar malam cewa an yi jihohin don karya ɓallewa. A nan ne ya kamata mu zauna sosai, don ba kai kaɗai wannan wuri yake kayarwa ba, har manya masu rubutu a jarida suna tuntuɓe a kansa.

Ɗauki uwarka da damina a garin nan. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗawa, ta fito da sauri ta kwashe shanya. Can jim kaɗan ruwa ya sauko. In ka ce ta kwashe shanya saboda ruwa, mai jinka zai gane, amma in ka rubuta cewa ruwa ya jiƙa kayan shi ya sa ta kwashe su, ka ba da labarin wata rana daban. Hadarin ne ya tashe ta, ruwan bai riga ya zuba ba. Abin da ya motsa Gowon ranar 27 ga Mayu shi ne barazanar ɓallewa, wadda kowa yake gani tun watanni kafin nan, da izinin da taron Inugu ya bayar a ranar. Malaminka ya ce an yi jihohi don kada Gabas ta ɓalle, ko kuma in ta ɓalle ta tafi a raunane. Kai kuma ka rubuta cewa an yi su saboda ta riga ta ɓalle. Nasa riga-kafi ne, naka ramuwa ce.

Kada ka ɗauka wannan ƙaƙale ne na malamai masu rowar maki. Juya tsarin yana sauya ma'anar duk abin da mutanen suka yi. A labarinka, Gowon mutum ne da aka yi wa laifi ya fusata ya rama, Ojukwu kuma ya ayyana ƙasarsa a lokacin da Yankin Gabas yake ɗaya dunƙule a idon doka. A labarin gaskiya, Gowon ne ya riga ɗaga hannu a wannan mako, ya sauya taswira tun kafin a yi shelar, Ojukwu kuma ya ayyana Biyafara ne a kan yankin da Legas ta riga ta raba uku a takarda. Duk wanda zai yi muhawara a kan wa ya tura wa bango a watan Mayun nan, ko yana goyon bayan wannan ko wancan, dole ya fara daga wannan jeri. In ka juya shi, ba ka ma shiga muhawarar ba.

Ko da ranakun sun ɓace maka a ɗakin jarrabawa, akwai alamu a cikin abin da ka riga ka sani da za su iya farkar da kai. Ta farko tana cikin hujjarka ta biyar. Daga cikin jihohi 12 ɗin, shida daga Arewa aka yanke su: Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, Arewa ta Tsakiya a Kaduna, Kano, Arewa maso Gabas a Maiduguri, Kwara a Ilori, sai Binuwai-Filato da aka ba garinmu Jos hedikwatarta, aka naɗa jami'in ɗan sanda Joseph Gomwalk gwamna, wanda sakatariyar jiha take ɗauke da sunansa har yau. Gabas uku aka raba ta. To in hukunci ne ga Ojukwu, me Arewa ta yi da za a yanka ta gida shida? Hujjarka ta ɗaya da ta biyar suna faɗa da juna a shafi guda, kuma mai maki da ya san aikinsa zai ga haka nan take. Raba Arewa yana da ma'ana ne kawai in ana ƙoƙarin cire wa mutanen Kudu tsoron cewa yanki ɗaya zai danne sauran, don a riƙe su cikin tarayya. Shi ma jawabin Gowon na ranar a kan wannan rashin daidaito na girman yankuna ya fi jingina. Ba Gabas kaɗai ake lallashi ba: a farkon watan, Obafemi Awolowo ya faɗa a Ibadan cewa in aka bar Gabas ta tafi, Yamma da Legas ma za su bi sahu.

Alama ta biyu ta fi wannan kaifi. A sabon tsarin, Ojukwu aka bar wa kujerar gwamnan Jihar Gabas ta Tsakiya mai hedikwata a Inugu. Sai a farkon watan Yuli aka kore shi daga soja da kujerar. Babu gwamnatin da za ta ba mutum kujerar gwamna a sabuwar jiha bayan ya fito ya ce shi shugaban wata ƙasa ne. An bar masa ne domin a ranar bai riga ya ƙetare iyakar ba. Martanin da ya biyo bayan 30 ga Mayu daban yake: gwamnatin tarayya ta kira abin tawaye, ta toshe hanyoyin shiga yankin ta ruwa da ta sama, ta fara tara sojoji, ta tuɓe Ojukwu, daga nan sai abin da ta fara kira matakin 'yan sanda kafin ya zama yaƙi sosai. In aka tambaye ka sakamakon ayyana Biyafara, waɗannan za ka kawo. Jihohi 12 ba sa cikinsu.

Yanzu ka duba dalilin da ya sa kuskure ɗaya ya cinye maka hujjoji uku. Hujjarka ta man fetur tana da ƙashin gaskiya a cikinta. An samo mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, kuma zuwa 1967 mafi yawan rijiyoyin Yankin Gabas, da tashar lodin mai ta Bonny, da matatar da ke kusa da Fatakwal, duk suna ƙasar ƙananan ƙabilu ne na bakin ruwa. Da aka yi Jihar Ribas mai hedikwata a Fatakwal da Jihar Kudu maso Gabas mai hedikwata a Kalaba, sai Gabas ta Tsakiya, inda Ibo suka fi yawa, ta zama ba ta da bakin teku, kuma mafi yawan man ya fita daga rabonta. Duk wannan haka yake. Amma ka rubuta cewa an yi ne don a ƙwato mai daga hannun Biyafara, kuma ba a ƙwato abu sai daga wanda ya riga ya ɗauke. Haka ta ƙananan ƙabilu: ka ce don su fice daga Biyafara, alhali manufar ita ce a ba Ijo da Efik da Ibibiyo da Ogoni da mutanen Ogoja dalilin da zai hana su shiga tun farko. Kowace daga cikin hujjojin biyu ka ɗora ta a kan ta farko, da ta farkon ta faɗi sai ta ja su. Hujja ta huɗu da ta biyar sun tsira ne don ba su jingina da ranar 30 ga Mayu ba. Maki uku-uku, shida ke nan. Lissafin malaminka ya fita daidai.

Wani zai ce ai mai maki ya san abin da yaron yake nufi, me zai hana ya ba shi? Ina jin wannan daga iyaye kusan duk zangon karatu. Amsar ita ce tambayar da ta ce a bayyana dalilai ba ta auna ko ka san sunayen abubuwan da suka faru, tana auna ko ka san wanne ya tura wanne. Da an ce ka lissafa abubuwan da suka faru a watan Mayun 1967, ka kawo su a hargitse, da wataƙila an rage maka kaɗan an wuce. Amma a nan alaƙar ita ce amsar. Kuma mai maki a babbar jarrabawa bai san ka ba, bai ji yadda kake amsa tambaya a aji ba, abin da ke kan takarda kawai yake gani.

Sai dai ina maka kashedi da wani rami da ke ɗaya gefen, don na sha ganin ɗalibin da aka gyara wa wannan kuskure ya tsallaka ya faɗa cikinsa. Da ya ji cewa jihohi ne suka riga, sai ya juya jumlar kawai: Gowon ya yanka jihohi, shi ya sa Ojukwu ya ayyana Biyafara. Ranakun sun yi daidai yanzu, amma riga zuwa ba shi ne zama sanadi ba. Taron Inugu ya riga ya ba da izinin ɓallewa, har da sunan ƙasar, kafin jawabin Gowon ya fita. Abin da ya kai Gabas wannan matsayi ya faro tun shekarar da ta gabata: juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da manyan hafsoshi, juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli da aka kashe Janar Ironsi, kashe-kashen 'yan Gabas a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba, wanda Jos ma ba ta tsira daga gare shi ba, da ɗimbin mutanen da suka kwashe kayansu suka koma gida. Aka zauna a Aburi ta ƙasar Gana ranakun 4 da 5 ga Janairu, 1967, aka dawo kowane ɓangare da tasa fassarar abin da aka amince. Legas ta fitar da doka mai lamba 8 a watan Maris a matsayin cika alkawarin, Ojukwu ya ce ba ta cika ba, a ƙarshen watan ya ba da umarnin a riƙa zuba kuɗin shigar tarayya da aka tara a Gabas cikin baitulmalin yankin. Duk wannan ya faru babu jiha ko ɗaya da aka yanka.

Saboda haka abin da za ka iya cewa da ƙarfin gwiwa shi ne yanka jihohin ya gaggauta shelar, ya rufe ƙofar jinkiri. In Ojukwu ya zauna shiru, gwamnonin da aka naɗa wa Ribas da Kudu maso Gabas, wato Alfred Diete-Spiff da U. J. Esuene, za su fara samun masu saurarensu, yankin da yake shirin tafiya da shi kuma ya fara zamewa daga hannunsa. Wannan shi ne bambancin tushen abu da abin da ya tunzura shi a ƙarshe. Ɗalibin da ya nuna wa mai maki ya san wannan bambanci yakan fita daga sahun masu haddar rubutun allo.

Haka nan ta ɓangaren Gowon, kada ka ce izinin da aka bayar a Inugu ranar 27 shi ne ya haifi jihohin. Ka yi tunani da kanka: ana iya zana iyakokin jihohi 12, a zaɓi hedikwatocinsu, a rubuta doka, duk a yini ɗaya? Shirin yana nan a aljihu. Tun a jawabinsa na 30 ga Nuwamba, 1966, Gowon ya yi maganar raba ƙasar zuwa jihohin da ba za su gaza takwas ba kuma ba za su wuce 14 ba. Neman jihohin kuwa ya girme shi a mulki nesa ba kusa ba. Turawa sun kafa hukumar Willink a 1957 don sauraren koken tsirarun ƙabilu, ta ba da rahoto a 1958 ba tare da ta goyi bayan yanka jihohi ba. Mutanen tsakiyar ƙasa, ƙarƙashin Joseph Tarka da jam'iyyarsa, sun yi ta neman a cire su daga Arewa, kuma wannan tarihi ne na ƙasar da kake zaune a kanta. A Gabas akwai masu neman jihar Kalaba, Ogoja da Ribas. Yankin Tsakiyar Yamma ne kaɗai ya samu biyan buƙata kafin soja, a 1963. Wato buƙata ce tsohuwa da aka daɗe ana ɗagawa, barazanar ɓallewa ta sa aka biya ta a wannan lokaci kuma da wannan fasali, izinin Inugu kuma ya tsayar da ranar.

Me ya sa ƙwaƙwalwa take juya irin wannan? A ganina abu biyu ne. Na farko, yadda muke ba ku rubutu a aji, jerin dalilai ɗaya zuwa biyar babu ranaku, kuma babban abu irin ayyana Biyafara yakan zo a sama da manyan baƙaƙe, sai ɗalibi ya ɗauka duk abin da ke ƙasansa daga gare shi ya fito. Na biyu, labarin laifi da ramuwa ya fi daɗin riƙewa. Wane ya yi, wane ya rama. Labarin wanda ya hango abu ya riga shi yana buƙatar ka riƙe abu uku a kai: barazana, mataki, sannan abin da aka ji tsoro. Da an matsu da lokaci a ɗakin jarrabawa, sai ƙwaƙwalwa ta haɗe barazanar da aukuwar su zama abu ɗaya, ta sa shi a gaba.

Maganinsa ba ya cin minti biyu. Kafin ka fara amsa irin wannan tambaya, ja layi a gefen takardar, ka jera abubuwan da za ka ambata da ranakunsu, ko da wata da shekara ne kawai. Abin da aka tambaye ka dalilinsa, sa masa alama a kan layin. Duk abin da ya faɗo bayan alamar ba shi da hurumin shiga amsarka a matsayin dalili. Yana iya shiga ta hanya ɗaya tak, wato a matsayin abin da ake tsoro ko ake fata a lokacin, kuma sai ka faɗi hakan ɓaro-ɓaro. Bayan ka rubuta, koma kan duk jumlar da ka ce wani abu ya sa wani, ka yi mata tambaya biyu. A ranar da mutumin nan ya yanke shawara, me ya sani, me ya riga ya faru a gabansa? Sannan, in na cire wannan dalili, abin zai faru duk da haka? Gwada ta biyun a kan amsarka. Cire shelar 30 ga Mayu: jihohi 12 suna nan daram, don an riga an yi su. Ashe ba ita ce dalili ba. Cire barazanar ɓallewa gaba ɗaya: da wuya a ce gwamnatin da ta yi watanni tana jan ƙafa za ta yanka ƙasar da dokar soja a wannan mako, babu ƙuri'ar jin ra'ayi irin wadda aka yi kafin kafa Tsakiyar Yamma. Ashe wannan dalili ne na gaske.

Ga yadda zan so in ga hujjojinka ukun da aka soke. Ka mayar da su harshen jarrabawa da kanka, tsarin ne abin lura:

"Zuwa watan Mayun 1967, alamu sun bayyana cewa Yankin Gabas yana shirin ɓallewa. Yarjejeniyar Aburi ta wargaje, gwamnatin yankin ta riƙe kuɗin shigar tarayya, kuma ranar 27 ga Mayu majalisar tuntuɓa ta ba Ojukwu izinin ayyana ƙasa. Domin ya riga wannan shiri, Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a wannan rana. Raba Gabas gida uku ya ba ƙananan ƙabilun yankin jihohin Ribas da Kudu maso Gabas, da fatan za su ga ribarsu tana cikin zama a Nijeriya, su ƙi mara wa ɓallewa baya. Haka kuma ya sanya mafi yawan man fetur da tashoshin ruwa a jihohin da ba na Ibo ba, ta yadda duk ƙasar da za a ayyana za ta rasa hujjar mallakarsu. Matakin bai hana ɓallewar ba, domin an ayyana Biyafara kwana uku bayan haka, ranar 30 ga Mayu."

Lura cewa babu wani sabon ilimi a nan da ba ka da shi, in ban da ranakun. Ojukwu yana nan, mai yana nan, ƙananan ƙabilu suna nan. Jumlar ƙarshe kuma tana da amfani na musamman: ta nuna wa mai maki ka san inda 30 ga Mayu take, kuma da gangan ka ajiye ta a bayan matakin. A jarrabawa ka raba su sakin layi uku, kowace hujja da bayaninta, don mai maki ya ga uku ne ba ɗaya ba.

Batun komawa wajen malam kuwa, ka je, amma ba da niyyar karɓo tara ba. Hujja ta ɗaya ta tafi, babu abin cetowa a cikinta. Ta biyu da ta uku su ne ake iya magana a kansu: in a cikin bayaninka ka ambaci Ribas da Kudu maso Gabas da sunansu, ka faɗi inda man yake, wasu malamai sukan ba da maki ɗaya na sanin abin, su hana na bayanin. Wasu kuma ba sa bayarwa, musamman a jarrabawar gwaji, don gara ka ji zafin yanzu da ka ji shi a babbar jarrabawa, kuma ni kaina ina cikin waɗannan. Ka sake rubuta amsar a sabuwar takarda, ka kai masa tare da tsohuwar, ka ce, "Malam, a duba mini ko yanzu na daidaita." Abin da zai gaya maka a kan sabuwar ya fi maki biyun da za ka roƙa a kan tsohuwar.

Kafin ka je, gwada hannunka a kan wata tambaya daga wannan babi da take da tarko iri ɗaya. Janar Ironsi ya fitar da doka mai lamba 34, wadda ta rushe tsarin tarayya ta mayar da ƙasar dunƙulalliya, ranar 24 ga Mayu, 1966. Tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa ranar 29 ga watan. Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa ya yi dokar ne don ya kwantar da tarzomar. Ja layinka, sa ranakun biyu, sannan ka rubuta sakin layi ɗaya a kan abin da ya sa ya yi dokar, da wani a kan dalilin da ya sa ba za a ɗora tarzomar a kan dokar ita kaɗai ba, tunda akwai abin da ya faru a watan Janairu da mutane ba su manta ba. Ka haɗa shi da wancan ka kai wa malaminka.